Alhaji ya kira ni maci amana, me zan amsa masa?

Malam, barka da aiki. Shekara uku ke nan ina aiki a wani ofishin dillancin inshora a Kano. Wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda, wanda ni na kawo shi ofis, gobara ta ci wani ɓangare na shagonsa. Inshorar kayan naira miliyan 40 ya yi. Mai ƙiyasta asara ya ce abin da ya ƙone ya kai miliyan 30, amma ya ce jimillar kayan Alhaji ranar gobarar miliyan 80 ce, har da na sitonsa da ke wani layi, don a littafi ɗaya yake rubuta su. Kamfani ya ce miliyan 13 da dubu 500 zai biya, bayan an cire kashi 10 cikin 100 da ke kan mai kaya. Daren jiya Alhaji ya turo mini saƙon murya guda bakwai. Ya ce ni maci amana ne, na ci la'ada na haɗa baki da kamfani, ya yi mini Allah ya isa, ya ce zai kai ni wurin 'yan sanda. Ban yi barci ba. Na rubuta amsa mai tsawo ina tuna masa cewa bara na ce ya ƙara kuɗin ya ƙi, amma ban tura ba tukuna. In tura?

Wani ƙaramin dillali, Kano

Ƙanena, kada ka tura. Ka ajiye ta a wayarka, domin akwai abin da za mu tsinta a cikinta nan gaba, amma ba ita ce za ta fara isa gare shi ba. Ka rubuta ta ne don ka wanke kanka, shi kuwa Alhaji ba wankinka ne ya hana shi barci ba. Abin da ya dame shi shi ne akwai masu kaya da ke binsa bashi, akwai yaran shago da ke zaune ba aiki, ga kuma miliyan 16 da rabi da yake ganin sun ɓace tsakanin abin da wuta ta cinye da abin da aka ce za a ba shi. Duk amsar da ba ta taɓa wannan giɓin ba, komai daɗin lafazinta, ƙara masa wuta za ta yi.

Yawancin matasa a wannan sana'a suna ɗauka cewa natsuwa wajen amsa wa mai fushi ita ce tausasa harshe, a yi ta "ka yi haƙuri", "ka kwantar da hankalinka". Ni abin da na gani a tsawon shekaruna daban ne. Muryar dillali tana daidaita ne idan ya san fayil ɗin ciki da waje, ya san abin da ake jayayya a kai, ya san abin da zai iya yi gobe da safe. Wanda bai san wannan ba, ko dai ya yi ta roƙo, ko ya yi ta kare kansa, kuma mai kaya yana jin duka biyun a cikin murya. Saboda haka kafin ka taɓa waya, ka buɗe fayil.

Mu fara da lissafin, don sai ka iya yin sa da baki a gaban mutum ba tare da ka leƙa takarda ba. Kusan kowace yarjejeniyar inshorar gobara tana ɗauke da sharaɗin da 'yan ofis ke kira abarej. Ma'anarsa, idan mutum ya yi inshorar kaya ƙasa da ƙimarsu ta gaskiya, ana ɗaukarsa shi ne ya tsaya wa ragowar da kansa. Wanda ya biya kuɗin kariyar miliyan 40 a kan kayan miliyan 80 ya sayi kariyar rabi ke nan, don haka duk asarar da ta auku, rabinta kamfani zai ɗauka. Rabin miliyan 30 shi ne 15. A cire kashi 10 cikin 100, wato miliyan 1 da rabi, saura 13 da rabi. Ba a sace ko kwabo a cikin lissafin ba. Alhaji kuwa, kamar kusan kowane ɗan kasuwa, abin da ya fahimta shi ne tunda asararsa 30 ce kuma ya yi ta 40, ai har da rara. Fahimtarsa ba ta wauta ba ce, ita ce wadda kowa zai yi in ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba. Kuma tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, 'yan kasuwa da yawa sun shiga wannan rami ba da gangan ba. Yawan bandir ɗin da ke shago bai ƙaru ba, farashinsa ne ya ninka, adadin da ke kan takarda kuma yana nan inda yake.

To amma akwai kalma ɗaya a wasiƙarka da ta sa na gyara zama, ita ce sito. Je ka duba shafin da aka rubuta wurin da inshorar ta shafa. Idan adireshin shagon kaɗai aka rubuta, to kayan da ke siton wani layi ba sa cikin abin da kamfani ya ɗauki nauyinsa. Da siton ne ya ƙone, ba za su biya ko sisi ba. Abin da ba za su biya ba idan ya ƙone, bai kamata su saka shi a ma'auni don rage wa mutum haƙƙinsa ba. Mu ɗauka kayan siton sun kai miliyan 20. Kayan shago sun koma 60 ke nan, kuma 40 cikin 60 kashi biyu cikin uku ne. Kashi biyu cikin uku na miliyan 30 shi ne 20, a cire kashi 10 cikin 100, saura miliyan 18. Bambancin miliyan 4 da rabi ne. Idan kuwa takardar ta ambaci shago da sito duka a ƙarƙashin adadi ɗaya, wannan hujja ta faɗi, sai a koma duba ko mai ƙiyastawa ya haɗa da kayan ajiyar wasu, ko kayan da aka riga aka sayar ana jiran masu su. Kada ka ɓata lokaci kana cewa an tsauwala farashi, domin farashin da aka auna jimillar kaya da shi, da shi aka auna abin da ya ƙone. In ka sauke ɗaya, ɗayan ma zai sauka.

Ka ga yanzu kana da abin faɗa wa Alhaji wanda ba roƙo ba ne, ba kuma kare kai ba.

Saƙon farko ya tafi yau, da rana, kada ya wuce la'asar. Shirun da ya wuce yini ɗaya mai fushi yana fassara shi da cewa ka gudu, ko kuwa abin da ya faɗa a kanka gaskiya ne. Amma kada ka amsa da dare, kuma kada ka bi saƙonnin nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Ka saurare su sau ɗaya tak da biro a hannu, ka rubuta tambayoyin da ke cikinsu kawai. Za ka tarar ba su wuce uku ba: me ya sa kuɗin ya ragu, ɓangaren wa kake, yaushe zai ga kuɗi. Ragowar duk zafin ƙuna ne. Bayan haka kada ka sake kunna su, domin duk sake ji yana ƙara maka kaifin harshe. Ka dai adana su a fayil. Ga irin abin da zan tura in ni ne:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Na saurari saƙonninka duka. Asarar da ta same ka babba ce, kuma adadin da kamfani ya kawo ya yi nisa da abin da ka yi tsammani. Na sake bin lissafinsu da safen nan, akwai wuri ɗaya da nake so in ƙalubalanta, shi ne yadda aka haɗa kayan sito da na shago. Ina roƙon kada ka sa hannu a kowace takarda da za a kawo maka kafin mu zauna. In ka amince zan zo gobe bayan la'asar, inda duk ya fi maka sauƙi."

Ka lura da abin da babu a ciki. Ba a amsa zagin ba, ko da jirwaye. Babu alkawarin ko nawa. Babu zagin kamfani, babu kuma kare shi. Akwai aiki ɗaya da za ka yi, abu ɗaya da kake so ya yi, da lokaci tsayayye. Tunda shi da murya yake magana, ka karanta masa wannan saƙon da murya, a tsanake, kada ya wuce minti ɗaya, sannan ka tura rubutun a ƙarƙashinsa. Muryar tasa ce, rubutun na fayil ne. Kafin ka danna, ka nuna wa maigidanka a ofis. Ba don ba ka iya ba, sai don duk abin da ka tura daga wayarka a kan wannan magana, da sunan ofis ya fita.

Maganar sa hannu da na saka ba ado ba ce. Takardar sallama da kamfani ke turowa tare da tayinsa, wadda ake kira bauca, yawanci tana cewa mai kaya ya karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe. Mutumin da bashi ya shaƙe yana iya sa hannu cikin fushi, ya ce a ba shi abin da ya samu, ragowar ya bar su da Allah. In ya yi haka, buɗe maganar sito daga baya zai yi wuya ƙwarai. Abin da za ka nema a rubuce shi ne a biya shi adadin da ba a jayayya a kansa a matsayin kafin alƙalami, a ci gaba da tattauna saura. Ba dole ne kamfani ya yarda ba, don haka ka ce masa za ka nema, kada ka ce za a bayar.

Wannan ya kawo ni kan kalmomin da ke jefa dillalan Arewa cikin matsala, domin kalmomi ne masu kyau a wurinsu, kuma bakinmu ya saba da su. Ta farko ita ce "in sha Allahu za a biya ka". Kai addu'a ka yi, shi alkawari ya ji. Shekarun baya na faɗa wa wani mai manyan motoci irin wannan magana a waya, don kawai in sanyaya masa rai ranar da tirelarsa ta faɗi da kaya. Daga baya aka gano lasisin direban bai dace da irin motar ba, kamfani ya ƙi biya. Mutumin nan bai riƙe kamfanin a zuciya ba kamar yadda ya riƙe ni. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Kai ka ce mini za a biya." Kuma gaskiyarsa, na faɗa. Tun daga ranar ba na haɗa in sha Allahu da abin da ke hannun wani. Ina haɗa ta da abin da ke hannuna: in sha Allahu zan kai takardar ranar Litinin, in sha Allahu zan kira ka ranar Alhamis.

Ta biyu ita ce maganar ƙaddara. Idan maƙwabcinsa ko limamin masallacinsu ya ce masa haka Allah ya so, ta'aziyya ce, zai karɓa. Idan ta fito daga bakin wanda ya karɓi kuɗinsa da sunan zai tsaya masa ranar masifa, abin da zai ji shi ne ana so a lulluɓe haƙƙinsa da addini. Jaje wajibi ne, kuma in ba ka taka ƙafa ka je ka yi masa ba tun da abin ya faru, to wani ɓangare na fushin nan daga nan yake, ka je ka biya wannan bashin. Ka ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Amma jaje daban, lissafi daban, kada ka yi amfani da ɗaya ka rufe ɗaya. Haka nan "ka kwantar da hankalinka". Ban taɓa ganin wanda hankalinsa ya kwanta don an umarce shi ba, balle dattijon da ya haife ka.

Yanzu mu dawo kan abin da ke cin ka, wato ka gaya masa bara ya ƙara kuɗin ya ƙi. Tambaya ɗaya zan yi maka: a rubuce yake? In akwai wasiƙar sabuntawa ko saƙon waya da ka yi masa bayanin abin da zai faru in bai ƙara ba, to ka samu garkuwa, ka ajiye ta a fayil. Garkuwa kuwa ba a jifa da ita. Ranar da ka buɗe amsa da "ai na gaya maka", ka mayar da maganar ta koma wane ne mai laifi, kuma dattijo ba zai amsa laifi a gaban yaro ba ko da ya tuna sarai. In ya tambaye ka kai tsaye me ya sa ba ka faɗakar da shi ba, sai ka amsa sau ɗaya, ba tare da ɗaga murya ba: "Mun yi maganar a watan kaza lokacin sabuntawa, saƙon yana nan in kana so ka gani. Amma abin da zai ƙara maka kuɗi yanzu shi ne maganar sito." Ka wuce.

In kuwa da baki kawai ka faɗa, a tsaye a bakin shago, kuma abin da ka ce bai wuce "Alhaji ya kamata a ƙara" ba, ba ka nuna masa cewa rashin ƙarin zai raba masa diyya biyu ba, to ka gaya wa maigidanka haka yau, ba ragi ba ƙari. Ofishin dillali mai rajista yana da tasa inshorar ta kuskuren aiki, kuma irin wannan inshora tana buƙatar a sanar da wuri idan wani ya fara zargi, tana kuma hana amsa laifi ba da izinin masu ita ba. Shi ya sa ba za ka rubuta wa Alhaji "laifina ne" da tsakar dare don zuciyarka ta karye ba. Wannan ba yana nufin ka yi masa ƙarya ba. In ya tambaya, ka ce ka kai ƙorafinsa gaban shugaban ofis, kuma ofis zai amsa masa a rubuce. Magana zarar bunu ce, wadda aka tura a waya kuwa har ta fi, don ana iya kunna ta a gaban alƙali.

Zargin la'ada fa, kada ka kauce masa, domin rabinsa gaskiya ne. Ladan dillali daga cikin kuɗin da mai kaya ya biya yake fita, kuma ta hannun kamfani ake lissafa shi. Wanda ya ji haka dole ya yi tunanin kai yaron kamfani ne. Ka faɗa masa a fili: e, ofis ya karɓi la'ada lokacin da aka ƙulla inshorar, amma rage masa diyya ba ya ƙara wa ofis ko kwabo, kuma a ƙa'idar sana'a dillali wakilin mai kaya ne, ba na kamfani ba. Jimla biyu sun isa. Ba rantsuwa, ba "wallahi tallahi". Abin da zai tabbatar masa ɓangaren da kake shi ne kwafin wasiƙar da ka rubuta wa kamfani kana ƙalubalantar lissafinsu. Ka ba shi ita a hannu, ka fassara masa layi-layi in da Turanci take.

Wajen zaman, ka nemi wurin da ba idon jama'a. A cikin kasuwa, gaban yaransa da maƙwabta, dole ya ɗaga murya ko ba ya so, don mutuncinsa ake kallo. Gida ko wani ofis ya fi. In maigidanka zai raka ka, ya fi kyau, domin zuwan babba girmamawa ce. Ka gaisa yadda ya kamata, ka bar shi ya fara. Zai maimaita abin da ya faɗa a waya, wataƙila har da ƙari. Kada ka katse shi, kada ka yi murmushi, kada ka duba waya. Ka riƙa rubutawa. Yawanci kafin minti goma zafin ya fara sauka, sai ka ji ya ce, "To yanzu me ake ciki?" Nan ne wurin shigarka, ba kafin nan ba.

Ka yi masa bayanin abarej da abin da ya sani. Ka ce, ranka ya daɗe, mutum biyu ne suka haɗa jari, kowa rabi, sai aka yi asara, ai kowa rabi zai ɗauka. A idon kamfani, kayan 80 ne, su suka tsaya wa 40, kai ka tsaya wa 40. Ɗan kasuwa yana gane wannan nan take ko da bai ji daɗinsa ba. Sannan ka ce abin da kake jayayya a kai shi ne 80 ɗin. Ka lissafa masa abin da kake buƙata: littafin kaya, takardar hayar sito, rasitan sari na watannin ƙarshe, da duk wata shaida da ke nuna ranar da aka ɗauko kaya daga sito zuwa shago. Ka tambayi wane yaro ne ke riƙe da littafin, ka nemi izinin zama da shi. Ba shi aikin yi yana rage fushi fiye da ba shi haƙuri, domin tun ranar gobarar abu ake yi masa, ba shi ke yi ba.

Zai tambaye ka nawa za a samu in an yi nasara. Ka gaya masa gaskiya, har da ɓangaren da ba ya so. Ko an cire sito gaba ɗaya, ba za a kai miliyan 30 ba. Gara ya ji wannan daga bakinka gobe da ya ji shi daga wasiƙar kamfani bayan wata biyu. Ka nuna masa yadda lissafin zai canza, ka ce wannan shi ne abin da za mu nema, ba abin da aka amince da shi ba. Idan kun tashi, kafin ka kwanta ka tura masa taƙaitaccen rubutu na abin da kuka tsayar: abin da zai kawo, abin da za ka yi, da ranar da zai ji daga gare ka.

Maganar 'yan sanda kada ta firgita ka, kada kuma ka mayar masa da martani a kanta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai. Ka san wannan don hankalinka ya kwanta, ba don ka karanta masa ba. Ka sanar da ofis cewa ya faɗa, shi ke nan. Abin da ya fi amfani shi ne kai da kanka ka nuna masa ƙofofin da doka ta buɗe masa. Hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Najeriya, tana karɓar ƙorafin masu inshora a kan kamfanoni. In kuma da ofishinku yake da ƙorafi, akwai majalisar dillalai masu rajista, NCRIB. Wasu suna tsoron faɗar wannan, suna ganin kamar miƙa wa mutum sanda ne ya doke su. Ni ban ga haka ba. Wanda ya haɗa baki da kamfani ba ya nuna hanyar hukuma, kuma Alhaji ya san haka. Ka kuma duba ƙarshen takardar yarjejeniyar, domin da yawa suna da sharaɗin kai saɓanin adadi gaban mai sulhu, da wa'adin da in ya wuce ba a ɗauki mataki ba haƙƙin ya faɗi. Ka rubuta ranar a bangon fayil, ka faɗa masa ita. In za ka ambaci wa'adin da doka ta ba kamfani na biyan diyya, ka buɗe sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a shekarar 2025 ka karanto daga ciki. Kwana 90 da yawancinmu muka haddace daga dokar 2003 yake, wadda sabuwar ta maye gurbinta.

Akwai iyaka, kuma ina so ka san ta, domin natsuwa ba ta nufin ka zama tabarma. Zagin da ya fito cikin zafin asara, ka bar shi ya wuce ta gefen kunnenka. Amma in ya kai ga zagin iyaye a zaune ido da ido, ko barazanar taɓa lafiyarka, ka tattara takardunka ka ce, "Ranka ya daɗe, zan dakata a nan. Aikin ba zai tsaya ba, zan kai wasiƙar kamar yadda na ce, maigidana zai kira ka." Ka yi sallama ka fita. Daga nan magana ta koma hannun babba, kuma wannan ba gazawa ba ce. Allah ya isan da ya yi maka na san ita ta fi ci maka rai, don mu ba mu ɗauke ta wasa ba. Ka duba tsakaninka da Allah ko ka ci haƙƙinsa. In ba ka ci ba, ba ta da inda za ta sauka a kanka. In kuma ka ga akwai sakaci a yadda ka yi masa bayani bara, gyaransa shi ne ka faɗa wa ofis gaskiya, ka kuma tsaya a kan maganar siton nan da dukkan ƙarfinka.

Abu ɗaya ya rage, kuma a nan ne yawanci ake sake ɓatawa bayan an shirya. Ka ce masa zai ji daga gare ka ranar Alhamis. Alhamis za ta zo, wataƙila kamfani bai ce uffan ba, sai ka ji nauyin kiransa hannu rabbana, ka ce bari sai an samu labari. Ka kira shi duk da haka, kafin azahar. Ka ce wasiƙar ta shiga ranar Litinin, ga kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, na bi sawu jiya, mai ƙiyastawa ya ce yana duba littafin, zan sake kiranka ranar Talata. Ka rubuta ranar da lokacin kiran a fayil, ka sa Talatar a wayarka tun kafin ka ajiye ta.